Inbois ɗaya ya shiga littafi sau biyu: me zan rubuta wa odita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce akawun wani kamfanin sayar da fenti a Agege. A wannan watan na Fabrairun 2025 ina daidaita lissafinmu da na dilanmu na Ikeja, sai na ga inbois ɗinsa na naira 4,300,000 ya shiga littafinmu sau biyu, ɗaya a Nuwamba, ɗaya a Disamban 2024. Sau ɗaya muka biya shi. Oditoci suna ofis kan lissafin 2024, sun ce in rubuto bayani. In goge na biyun ne kawai? Kuma me zan rubuta musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki goge komai. Ko a QuickBooks kike aiki ko a Sage, shigarwar da aka goge tana barin sawu a cikin manhajar, kuma odita in ya ga an share bashin miliyan huɗu da wani abu ana tsakiyar bincike, zuciyarsa ba za ta kwanta da sauran littafin ba. Ki bar kuskuren inda yake, ki yi sabuwar shigarwa da za ta warware shi, ta yadda duk wanda ya buɗe asusun dilan zai ga kuskuren, ya ga gyaran a ƙasansa.

Kafin mu zo ga rubutun, ina so ki zauna a kujerar oditan na ɗan lokaci. Gyaran da za ki yi yana rage bashin da ake bin kamfani, kuma yana ƙara riba. Wannan shi ne ainihin abin da mai son ƙawata lissafi yake yi a ƙarshen shekara, musamman in ana neman rance a banki. Saboda haka in odita ya tsananta tambaya, ba ke yake zargi ba, aikinsa ke nan. Tambayar da ke ransa guda ɗaya ce: shin da gaske kaya sau ɗaya aka kawo, ko kuwa sau biyu aka kawo kaya iri ɗaya a farashi ɗaya, ana so a ɓoye bashin na biyun? A harkar fenti ba abin mamaki ba ne a yi odar bokiti 200 a Nuwamba, a sake odar 200 a Disamba. Daidaituwar kuɗi kaɗai ba hujja ba ce. Duk takardar da za ki rubuta, amsar wannan tambayar ce ginshiƙinta.

To, ga lissafin. Naira 4,300,000 ɗin nan, bisa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake aiki da shi tun Fabrairun 2020, kuɗin kaya 4,000,000 ne, haraji 300,000. Lokacin da aka shigar da inbois ɗin karo na biyu, an sake yi wa asusun sayen kaya debit na 4,000,000, an yi wa asusun VAT na saye debit na 300,000, an yi wa asusun dilan kiredit na 4,300,000. Gyaran shi ne ki juya waɗannan layuka uku daidai da yadda suka shiga, ba ƙarin kwabo, ba ragi:

```
31/12/2024  JV-112
Dr  Trade payables   4,300,000
Cr  Purchases        4,000,000
Cr  Input VAT          300,000
```

Dubi kwanan watan. A Fabrairun 2025 kika gano kuskuren, amma na 2024 ne, kuma tun da oditoci ba su sa hannu a lissafin shekarar ba, gyaran a cikin 2024 zai zauna. In kika sa masa kwanan Fabrairu, kin ɓata lissafin shekara biyu ke nan: ribar 2024 ta ragu da miliyan huɗu, ta 2025 ta kumbura da miliyan huɗu. Sai dai ki faɗa a fili cikin takardar cewa a Fabrairu aka yi shigarwar, kada a ga kamar kin mayar da kwanan wata baya a ɓoye. In kuma kin riga kin miƙa musu jimillar ma'aunin asusu, ki sanar da su kafin ki taɓa Disamba, don alƙaluman da ke hannunsu za su canja.

Akwai wuri ɗaya da na sha ganin akawu nagari sun zame, kuma ina roƙonki ki tsaya a kansa. Layin tsakiya, wato kiredit na 4,000,000, ba kullum ne yake tafiya asusun sayen kaya ba. Ya danganta da yadda kuke riƙe lissafin sito. Idan a ƙarshen shekara kuke ƙirga kaya ku fitar da kuɗin abin da aka sayar, to abin da na rubuta a sama daidai ne. Amma idan manhajarku tana ƙara yawan kaya a sito da zarar an shigar da inbois, to shigarwa ta biyu ta ƙara bokiti 200 da babu su a ƙasa. Da aka yi ƙirgar 31 ga Disamba, dole an ga giɓin bokiti 200. Ki je ki bincika me aka yi da giɓin nan. In har an rubuta shi a matsayin asarar kaya, to an riga an daidaita lissafin sito, kuma kiredit ɗinki asusun asarar zai tafi. In kika kai shi asusun kayan sito, kin rage kaya sau biyu, gobe sito ya fi littafi yawa da bokiti 200. Wani abin da ya fi damuna a nan shi ne mai kula da sito. Na taɓa aiki a wani kamfani inda aka fara yankar albashin wani bawan Allah kan kayan da ba su taɓa shigowa ba, sai bayan wata biyu aka gano inbois ne ya shiga sau biyu. In irin haka ta faru a wurinku, ki wanke shi a rubuce.

Sai batun haraji. VAT na kowane wata ana cike bayaninsa zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Ke nan na Nuwamba ya tafi a Disamba, na Disamba ya tafi a Janairu, kuma in daga littafin nan aka ɗauki alƙaluman, an cire 300,000 ɗin nan sau biyu daga abin da za ku biya hukumar haraji ta tarayya. Da zarar kin yi gyaran, kuɗin zai fito a matsayin bashin haraji da ke kanku a ranar 31 ga Disamba. Ki buɗe bayanan watannin biyu a shafin hukumar na cike haraji ta intanet ki tabbatar, sannan ki zauna da mai cike muku haraji a gyara, a biya, a kuma duba ko akwai ruwa ko tarar jinkiri. Kada ki jira odita ya tono wannan da kansa. Haka nan in kuna cire harajin da ake riƙewa daga kuɗin dila, ki duba ko shi ma an lissafa shi sau biyu.

Yanzu ga takardar. Shafi ɗaya ya isa. Ko da Turanci za ki rubuta ta, abin da za ta ƙunsa ke nan. Ranaku da lambobin da na sa na misali ne, ki maye su da naki:

"Zuwa ga jagoran oditoci. Bayani kan shigarwar gyara mai lamba JV-112, ta naira 4,300,000.

Inbois mai lamba INV-0457 na ranar 18 ga Nuwamba 2024, na fenti bokiti 200 a kan naira 20,000 kowanne tare da VAT na naira 300,000, ya shiga littafi sau biyu. An shigar da shi ranar 20 ga Nuwamba daga hoton da dilan ya turo ta waya, aka sake shigar da shi ranar 4 ga Disamba da asalin takardar ta iso, wannan karon da lamba INV457. Bambancin rubuta lambar ne ya hana manhaja ta yi gargaɗi. An gano kuskuren ranar 12 ga Fabrairu 2025 wajen daidaita asusunmu da takardar bayanin asusu ta dilan.

Kayan sau ɗaya aka karɓa, da takardar rakiyar kaya ɗaya da takardar karɓa ta sito ɗaya. An biya sau ɗaya ta banki ranar 10 ga Disamba. JV-112 ta warware shigarwar 4 ga Disamba kaɗai, an yi ta ranar 13 ga Fabrairu 2025 da kwanan 31 ga Disamba 2024. Ta rage bashin diloli da 4,300,000, ta ƙara riba kafin haraji da 4,000,000, ta ƙara bashin VAT da 300,000, wanda za a gyara a wurin hukumar haraji. Bayan gyaran, asusun dilan ya yi daidai da takardarsa ta 31 ga Disamba.

Mun bi duk inbois na 2024 muna neman masu kuɗi ɗaya daga dila ɗaya, ba mu sami wani ba. Daga yanzu ba a shigar da inbois sai an haɗa shi da takardar karɓa ta sito."

A ƙasa ki sa hannu a matsayin wadda ta shirya, manaja ko mai kamfani ya sa a matsayin wanda ya amince. Mutum ɗaya ba ya yin gyaran miliyan huɗu ya kuma amince wa kansa. Jimlar nan ta "mun bi duk inbois" kuwa, kada ki rubuta ta sai kin yi aikin. Fitar da lejar diloli zuwa Excel, ki jera ta bisa sunan dila da yawan kuɗi, masu kama da juna za su fito kusa da kusa. Aikin awa ɗaya ne, kuma ita ce tambayar farko da odita zai yi bayan ya karanta: akwai wasu?

Ki maƙala kofen inbois ɗin biyu, hoton waya da asalin takardar, da takardar rakiyar kaya, da ta karɓa mai sa hannun mai sito, da shafin banki, da asusun dilan kafin gyara da bayansa. Wadda ta fi duka nauyi ita ce takardar bayanin asusu daga dilan, domin daga waje ta zo, ba ke kika rubuta ta ba. Oditan ma yana iya aika wa dilan wasiƙa kai tsaye ya nemi tabbacin abin da yake binku, don haka ki kira akawunsu na Ikeja tun yau ku daidaita alƙalumanku.

Da a ce sau biyu aka biya, gyaran bai canja ba, sai dai asusun dilan zai koma nuna ku ne kuke binsa 4,300,000, kuma odita zai so ganin takardar da dilan ya amince zai mayar ko zai cire daga odar gaba. Da kuma an riga an sa hannu a lissafin 2024, sai a auna girman kuskuren: in babba ne a ma'aunin kamfanin, ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa mai suna IAS 8 ta ce a gyara alƙaluman shekarar baya a kuma bayyana dalili, in ƙarami ne a gyara a shekarar da ake ciki. Ke duka biyun ba su same ki ba. Takardar da duk abin da kika maƙala mata, ki ajiye su a fayil ɗin shigarwar gyara na 2024, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana takardun lissafi har shekara shida.