Wasiƙar Maraba da Turanci ga Baƙon Amurka: Yadda Za a Shirya Ta a Waya

Tambaya: Abokin karatun ɗana zai zo daga Amurka ya yi mako biyu a gidanmu. Ina son rubuta masa 'yar wasiƙar maraba da Turanci a wayata, amma wayar tana canza mini sunayen abinci da na mutanen gida. Ina mafita? Daga wani magidanci a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Alhaji, laifin na allon rubutu ne, domin an saita shi a kan Turanci kaɗai, shi ya sa idan ka rubuta tuwo yake zaton kuskure ne, ya musanya maka da kalmar Turanci mafi kusa. Idan Gboard kake amfani da shi, ka shiga Settings, sannan Languages, ka danna Add keyboard ka ƙara Hausa, wanda zai ba ka ƙ, ɗ da ɓ. Daga nan ka koma Text correction ka kashe Auto-correction har ka gama rubutun.

Ka yi rubutun a Google Docs, ka danna ɗigo ukun da ke sama, ka zaɓi Share & export, sannan Save as, ka ajiye shi a matsayin PDF. Ina nanata wannan saboda na taɓa kai takarda wani shagon buga takardu, sunan Ɗanladi ya fito da ɗan akwati a gurbin harafin farko, domin salon harafin kwamfutarsu ba shi da shi. PDF kuwa yana tafiya da haruffansa. Ka tura masa ta WhatsApp tun kafin ya taso, saboda da wuya ya samu data daga saukarsa Abuja har jirgin ƙasa ya kawo shi Rigasa, sannan ka buga kwafi ɗaya ka ajiye a ɗakinsa.

Bayan gaisuwa da sunayen mutanen gida, ka sa lambarka da +234 a gaba, ka cire sifilin farko, wato 0803 ya koma +234 803, in ba haka ba layinsa na waje ba lallai ya same ka ba.

Abin da na fi so kada ka manta shi ne batun lantarki. Wutarmu bolt 230 ce, tasu 120, kuma soket ɗinmu mai ƙafa uku irin na Birtaniya ne. Ka rubuta masa ya zo da adafta, ya kuma duba jikin kowace na'urarsa. Idan ya ga 100-240V, kamar yadda yake a yawancin cajojin waya da kwamfuta, babu matsala. Idan 120V kaɗai aka rubuta, kamar a wasu injinan aski da na busar da gashi, kada ya jona, domin adafta ba ta rage ƙarfin wuta, nan take na'urar za ta ƙone.