Ƙidaya biyu za su ba ka r, amma ba za su ba ka K ba

Tambaya: "Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin farko a jami'a, yanzu ina gida a ƙauyenmu wajen Ringim. An ba mu alkaluman ƙidayar Jigawa na 1991 da 2006, an ce mu lissafa ƙaruwar jama'a ta tsarin eksfonenshal da na lojistik. Ta ina zan fara, kuma ina zan samo K?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina duba irin wannan rahoto na ɗalibai, kuma kusan wuri ɗaya kowa ke tuntuɓe.

Fara da tazarar lokaci. An yi ƙidayar farko a Nuwamban 1991, Jigawa ta samu mutum 2,875,525. Ta biyu kuma a Maris ɗin 2006, aka samu 4,361,002. Tsakaninsu shekara 14 ne da wata huɗu, wato 14.33, ba 15 ba. Daga nan sai ka nemi r, wato saurin ƙaruwar jama'a a shekara. N0 ƙidayar 1991 ce, Nt ta 2006, t kuma tazarar shekarun:

```
r = ln(Nt/N0) / t
r = ln(1.5166) / 14.33 = 0.0291
```

Ke nan kusan kashi 2.9 cikin ɗari a shekara, jama'a na ninkuwa cikin shekara 24 idan ka raba 0.693 da r. Ka lura da maɓallin da kake dannawa a kalkuleta, `ln` ake so. In ka ga 0.0126 ta fito, to `log` ka danna.

Yanzu wurin da nake so ka natsu. K ita ce iyakar yawan da wuri zai iya ɗauka, kamar makiyayar da ciyawarta ke da adadin dabbobin da za ta riƙe har faɗuwar damina. Ƙidaya biyu ba za su fitar maka da ita ba, domin abu biyu ka rasa, r da K, alhali lissafi ɗaya gare ka. Sai an sami aƙalla ƙidaya uku, kuma ana ganin saurin ƙaruwar ya fara ja baya. Kada ka ce za ka ciko da ta 1963, lokacin babu jihar Jigawa, sai a Agustan 1991 aka cire ta daga Kano. Ta 1973 kuwa soke ta aka yi.

Don haka in malaminku bai ba ku K ba, kai za ka ɗauki wata, ka rubuta ƙarara cewa zato ne. Mu ce miliyan 10, kana ƙirga t daga 1991:

```
N(t) = K / (1 + A1991*e^(-r*t))
A = (K - N) / N
r = ln(A1991 / A2006) / t
```

A ta 1991 ta zama 2.478, ta 2006 kuma 1.293, sai r ta fito 0.0454. Ka ga ta fi ta farko girma, kuma haka ya kamata. Ta lojistik tana nuna saurin da jama'a za su yi da babu matsi ko kaɗan, ita kuwa 0.0291 saurin da aka gani ne a zahiri. Yawancin ɗalibai ɗauko 0.0291 suke yi su cusa a lojistik, abin yana damuna domin sun yi wahalar banza. Gane wannan kuskure ba wuya: sa t ta zama 14.33 ka ga ko lissafinka zai dawo da kai 4,361,002. Da 0.0291 miliyan 3.8 za ka samu, mutum sama da dubu 500 sun ɓace maka a takarda.

In ka haska zuwa 2026, eksfonenshal zai ba ka wajen miliyan 7.8, lojistik mai K miliyan 10 kuma 6.6. Sake gwadawa da K miliyan 20, r za ta koma 0.0354, hasashen ya zama 7.2. Duka layukan nan uku sun ratsa ta kan ƙidayar 1991 da ta 2006 daidai, sai daga baya suka rabu. Zana su a jadawali ɗaya, malamin da ya san aikinsa zai gane ka fahimci abin.

A sashen tattaunawa ka ambaci cewa r ɗin nan ba haihuwa da mutuwa kaɗai ta ƙunsa ba, har da shige da fice. Kai da ke ƙauye ka san yadda gari yake cika da kaka, ka kuma san yadda samari ke watsewa ci-rani in an gama kai amfani gida, ga shi ƙidaya ɗaya a Nuwamba aka yi ta, ɗayar a Maris. Sannan K ta ɗan Adam ba a tsaye take ba, noman rani irin na fadamar Hadeja da taki da hatsin da ake sayowa daga wata jiha duk suna ɗaga ta.

In ka gama, turo mana A da r ɗinka a nan mu duba kafin ka miƙa.