Hukuncin Sayar da Shagon Gyaran Gashi Tare da Kwastomominsa da Ragowar Haya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin shago a Kano da nake kitso, lalle, wankin kai da kwalliyar amare. An yi wa maigidana canjin wurin aiki, dole in sayar. Wata 'yar'uwa tana so, na yi mata kuɗi naira miliyan 2 da rabi, da kayan aiki da sunan shago da lambar waya da kwastomomi duka. Hayar shagon naira 600,000 ce a shekara, na biya, saura wata 7 ta ƙare. Ita ta ce za ta ba ni miliyan 1 da rabi yanzu, sauran kuma sai ta ga kwastomomi sun ci gaba da zuwa. Wata ƙawata ta ce kuɗin da na ɗora saboda kwastomomi haramun ne, tunda mutane ba nawa ba ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malama, asalin wannan ciniki halal ne, kuma ya halatta ki karɓi kuɗi fiye da ƙimar kayan da ke cikin shagon. Amma tsarin biyan da mai sayen ta kawo bai inganta ba, kuma akwai maganar da ya wajaba ki fara yi da wanda ya ba ki hayar shagon tun kafin ki karɓi ko sisi.

Malamanmu na Malikiyya sun shardanta cewa abin sayarwa ya kasance mai tsarki, mai amfani na halal, wanda za a iya miƙa shi, kuma sananne ga mai saye da mai sayarwa, haka ma kuɗinsa. Naira miliyan 2 da rabin nan ba abu ɗaya ta saya ba, don haka sai a warware ta a ga ko kowane ɓangare ya cika waɗannan sharuɗɗa.

Kayan aiki su ne mafi sauƙi. Ki rubuta su ɗaya bayan ɗaya: injin busar da gashi, na turara kai, kwanon wanke kai, kujeru, madubai, fankoki, janareta. Ƙimarsu ita ce abin da za a saye su yau a matsayin na hannu. Abin da kika biya lokacin da kika saye su, ko kuɗin sabo a kasuwa yanzu, ba shi ne ma'auni ba, duk da cewa kina da damar neman abin da kuka yarda da shi. Ki samu mutum biyu da suka san kan kayan su kimanta, a kunna komai a gaban mai sayen. In janareta yana shan mai fiye da kima, ko ɗaya daga cikin injinan sai an ɗan jijjiga wayarsa kafin ya kawo zafi, faɗa mata wajibi ne ko ba ta tambaya ba. A hadisin Hakim ɗan Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ce idan masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana, za a sanya musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Mayuka da shamfu da lalle su ma a ƙirga su daban, a ware waɗanda wa'adinsu ya wuce. Idan akwai gashin mutum da ake ƙari da shi a cikin hajar, ki fitar da shi daga cinikin gaba ɗaya, domin Annabi (SAW) ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa, kuma gashin ɗan Adam ba abin sayarwa ba ne.

Maganar ƙawarki tana da gaskiya ta fuska ɗaya: ba ki mallaki kwastoma ba, kuma ba ki da ikon miƙa ta ga kowa. Hajiyar da ta saba zuwa duk mako biyu tana iya zuwa sau ɗaya bayan tafiyarki, ta ga hannun bai yi mata ba, ta sauya wuri. Da a ce kin sayar da "kwastomomi ɗari da za su ci gaba da zuwa", wannan garari ne, wato sayar da abin da babu tabbacin samuwarsa, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Sai dai abin da kike sayarwa a haƙiƙa wani abu ne daban: sunan shago da allonsa, layin wayar da aka san shi da shi, shafin da kike tallata aiki, da kuma janyewarki daga wurin da mutane suka saba samunki. Waɗannan naki ne, kuma ana iya miƙa su a rana guda. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait cikin 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da alamarsa haƙƙoƙi ne na mai su, suna da ƙimar dukiya a al'adar wannan zamani, kuma ana iya sayar da su matuƙar babu garari, babu yaudara, babu algus.

Shari'a ba ta ƙayyade nawa za a biya wa suna ba, ta bar shi ga yardar juna. Amma yarda ba ta tabbata sai mai saye ta san ainihin abin da shagon ke kawowa. Ki nuna mata littafin cinikinki na shekara cikakkiya. Kowa a wannan sana'a ya san makon sallah da watannin da aure ke yawa kafin azumi ba kamar sauran watanni ba ne, kuma ɗauko cinikin Sha'aban a ce haka shago yake kullum algus ne, ko da kowane adadi da aka nuna gaskiya ne.

Bari in kwatanta da adadi, ki sa naki a gurbinsu. A ce kayan aiki an kimanta su 900,000, mayuka da sauran haja 120,000. Hayar wata 7 daga cikin 600,000 ta kama 350,000. Jimilla 1,370,000. Ke nan 1,130,000 daga cikin kuɗin da kika yanka na suna ne da wuri. Yanzu a ce matsakaicin cinikin wata 500,000 ne, kason yaran shago da man janareta da wuta da haya da mayuka suna cin 310,000, saura 190,000. Wannan ba duka riba ba ce, tunda ke ma kina kitso da hannunki. In da za a ɗauko wata ta yi aikinki sai an ba ta 80,000, ribar shagon ta gaskiya 110,000 ce. Mai saye za ta yi fiye da wata 10 kafin ta maido 1,130,000 ɗin nan, alhali abin da ke hannunki na haya wata 7 ne kawai.

Nan ne ake samun rigimar da ke kai mutane gaban alƙali. Shagon ba naki ba ne, amfaninsa na wata 7 kika mallaka. Mai haya yana da damar ba wa wani irinsa ragowar wa'adinsa, sai in mai wurin ya shardanta ba za a yi hakan ba, domin Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Karɓar kuɗi don sakar wa wani wuri kuwa tsohuwar mas'ala ce da fuƙaha'u ke kira huluwwi, kuma Nasiruddin al-Laƙani, cikin malaman Malikiyya na Masar, yana da sananniyar fatawa a kanta game da shaguna. Majalisar da na ambata ta tattauna shi a zamanta na huɗu a Jidda, shi ma cikin 1988: idan mai haya ya karɓi kuɗi daga sabon mai haya a cikin wa'adin hayarsa don ya bar masa ragowar, ya halatta tare da kiyaye yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai wurin, idan wa'adin ya riga ya ƙare, bai halatta ba, saboda ba shi da sauran haƙƙi a wurin. Don haka kada ki ce mata "mai shagon ba shi da matsala, zai sabunta miki". Wannan alkawari ne a kan dukiyar wani. Ki kai ta wurinsa, ko wurin wakilinsa, ya yarda da sauyin a rubuce, ya faɗi ko zai sabunta da kuma nawa. In ya ce zai ƙara kuɗi, ko yana shirin ba ɗansa shagon, ta ji da kunnenta, sannan ku sake zama kan farashi. In kin riga kin ji ƙishin-ƙishin ɗin haka kika yi shiru, kin ɓoye aibi mafi girma a cinikin, ya fi na janareta nesa.

Sai tsarin biya. "Sauran sai na ga kwastomomi sun ci gaba da zuwa" yana nufin ranar ƙulla ciniki babu wadda ta san kuɗin shagon: miliyan 1 da rabi ne ko 2 da rabi. Babu ranar biya, babu ma'aunin "ci gaba da zuwa". Jahiltar kuɗi da ajali tana ɓata ciniki. Tsoron da take ji yana da dalili, amma maganinsa kafin ƙullawa yake: ta zo ta zauna a shagon wata guda tana ganin masu shigowa da abin da suke biya. In ta gamsu, ku yanke kuɗi ɗaya. Tana iya biyan miliyan 1 da rabi hannu da hannu, ragowar miliyan 1 a raba ta 250,000 duk ƙarshen wata har wata 4, a rubuta da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni, ba tare da tarar jinkiri ba, domin ƙari kan bashi saboda lokaci riba ce, wato kuɗin ruwa. Ya halatta kuma ta shardanta ki zauna da ita mako biyu kina haɗa ta da mutane, kuma ba za ki buɗe irin wannan shago a unguwar ba tsawon lokaci sananne. In kin amince da hakan, kiran tsofaffin kwastomomi ki yi musu aiki a gida duk lokacin da kika zo ganin gida warware alkawari ne.

Akwai kuɗin da ba ki ambata ba, kuma da wuya a rasa su a irin wannan shago. In amare uku sun ba ki kafin alƙalami 40,000 kowacce don bikin da ke tafe, 120,000 ɗin nan nauyi ne a wuyanki, kuma hannunki suka gani suka biya. Ki kira kowacce: wadda ta yarda sabuwar mai shago ta yi mata, a cire kuɗinta daga farashi, wadda ba ta yarda ba, ki maida mata. Bashin da kike bin kwastomomi kuma kada ki cusa shi cikin ciniki, misali ki bar mata bashin 85,000 a kan 60,000, wannan musayar kuɗi da kuɗi ce da fifiko da jinkiri. Ki karɓi abinki, ko ki wakilta ta ta karɓar miki. Bashin wuta da haƙƙin yaran shago ki sauke kafin miƙa mabuɗi. Su yaran ba sa cikin kayan da aka saya, zama ko tafiya zaɓinsu ne, kuma in kin san wadda ta fi iya lalle za ta tafi, ki faɗa.

Game da layin waya da shafi, ki sanar da kwastomomi cewa shago ya sauya hannu kafin ki miƙa, domin kada mace ta turo saƙo tana zaton da ke take magana. Hotunan amare da hirarrakin da ke ciki amana ce, ki goge su sai wanda mai shi ta ba da izini. In kuma sunan shagon yana da rajista da hukuma, ku je a sauya sunan mai shi a can.

Allah ne mafi sani.