Sobolo yana ƙarewa amma riba ba ta fitowa

"Ina saida sobolo da ruwan abarba a Aboabo, kullum bokiti na ƙarewa amma kuɗin ba ya cika, ina matsalar?"

Yar'uwa, ni ma na sha wannan, yawanci a bakin kofi kuɗin ke zubewa. Ki auna abin da ya rage bayan kin tace, ba ruwan da kika ɗora a wuta ba. A ce kin kashe sidi 120 kan ganyen sobolo, citta, kanumfari, suga da gawayi, kika samu lita 9, in kina zuba mililita 300 kofi 30 kenan, kowanne ya tsaya miki sidi 4, sai ki ɗora kuɗin kofi, ƙanƙara da wahalarki.

To amma in kofin na 350 ne kuma yarinyarki tana cikawa har baki, kofi 25 za ki samu da ɗan saura, kusan biyar sun tafi a banza kullum. Ki nemi ludayi ɗaya mai cin 300 daidai, ƙanƙara ta fara shiga sannan ludayi guda, ban da gyara ko ga ɗan unguwa.

Abarba kuwa ki sake lissafi duk sarin da kika yo, don wata ba ta da ruwa. In za ki fara ɗurawa a kwalba kina kaiwa shaguna, ki je ofishin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, tukuna.