Ta'aziyya da Faransanci: amsar Kawu

"Kawu, Baba ya rubuta wasiƙar ta'aziyyar amininsa da ya rasu a Damagaram, ya ce in mayar da ita Faransanci saboda 'ya'yan marigayin a Faransa suka tashi, ba sa karanta Hausa. In bi ta kalma da kalma?"

A'a ɗana, kada ka bi ta haka. Wasiƙar babanka rabinta addu'a ce ga mamaci, shi kuwa mai Faransanci ya saba a fara da baƙin cikin waɗanda aka bari. To, tsarin za ka juya, addu'ar ta zo daga baya.

Na san yadda babanka yake buɗe takarda: bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ya iyali. Cire wannan gaba ɗaya. In ka rubuta wa wanda ya binne mahaifinsa jiya "j'espère que vous allez bien", zai ɗauka labarin bai iso ka ba. Ka shiga kai tsaye: "C'est avec une profonde tristesse que nous avons appris le décès de votre père." Ka ce "décès" ko "rappel à Dieu", wanda ake yawan ji a sanarwar rasuwa a nan Nijar. "Mort" ta yi kaushi. Kuma "vous" za ka riƙe har ƙarshe, ko da babanka ya goye su suna yara, tunda da su duka ake magana.

Inda za ka fi shan wuya shi ne haƙuri. Mu in mun ce Allah ya ba ku haƙurin rashi, mun haɗa juriya da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji. Ƙamus zai ba ka "patience", wadda yaron da ya tashi can zai ji kamar an ce ya jira layi. Rubuta "Que Dieu vous donne la force de surmonter cette épreuve." Ba ta kai tamu nauyi ba, amma za ta shiga zuciyarsu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, bar ta da Larabcinta a saman takarda, Musulmi ne, sun san ta. Allah ya jiƙansa ya zama "Qu'Allah lui accorde Sa miséricorde". Za ka ga mutane suna sa "que la terre lui soit légère". Ni ba na sa ta, daga kaburburan Rumawan dā ta samo asali, kuma babanka bai faɗe ta ba. Allah ya kyautata namu ƙarshe kuwa, ka tambaye shi ko a bar ta, don a Faransanci sai ta yi kamar mun juya zancen kanmu.

Inda ya ba da labarin zamansu da marigayin, kada ka taƙaita ko layi ɗaya, nan 'ya'yan za su fi tsayawa. Ka rufe da "Recevez nos sincères condoléances", ka kai masa ya sa hannu da kansa.