Tambayoyin juri suna cikin diyapo ɗinka

Tambaya: "Assalamu alaikum yayyena. Saura mako biyu in yi sutunans na mastar, memuwar ɗina kan sayen ruwa daga ƴan garuwa ne a unguwannin Birni da Garin Malam na Damagaram. Na gama diyapo 14 amma ban san ta inda juri za su ɓullo mini ba. Yaya zan fidda tambayoyin da za su iya yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na wuce ta nan, na kuma zauna da ƙanne da dama suna wannan shiri na sutunans, wato kare memuwar, littafin bincike, gaban malaman juri. Abin da na gani shi ne yawancin tambayoyin juri daga alƙaluman da ka haska suke fitowa, sai kuma wuraren da diyapo biyu ba su yi magana ɗaya ba.

Ka buga diyapo ɗin a takarda tukuna. A PowerPoint ana iya fidda uku a shafi ɗaya da layukan rubutu a gefe. Ka ɗauki jan biro ka zagaye kowane adadi, ka rubuta kusa da shi: daga ina ya fito, cikin nawa ne, me ya sa shi ba wani ba.

A ce diyapon hanyar bincike ya nuna ka tambayi gidaje 120. Tambayar farko ita ce me ya sa 120. Malaman sun san wannan lissafi sarai: n = z²p(1-p)/e². A nan n shi ne yawan gidaje, z adadin da ke tafiya da matakin amincewa, p kason da ake tsammani, e kuwa kuskuren da aka yarda da shi. In aka sa z = 1,96, p = 0,5, e = 0,05, gidaje 384 ake samu. Kai kuwa 120 gare ka, wato kuskuren da alƙalumanka za su iya ɗauka ya kai wajen kashi 9 cikin ɗari sama ko ƙasa. Kada ka ɓoye wannan. Ka shirya amsa cewa lokaci da kuɗi ne suka tsai da kai nan, kuma ka san iyakar abin da adadin zai iya faɗa. Daga nan wata tambayar ke tasowa: in Birni ya ba da kashi 55, Garin Malam kashi 62, za ka ce sun bambanta? Da gida 60 a kowace unguwa kuskuren ya haura kashi 12, saboda haka ratar 7 ba ta isa hujja ba. In diyapon kammalawa ya ce wata unguwa ta fi wata, nan za a tsai da kai.

Ni a nawa, na haska kashi 45 ban rubuta cikin nawa ba. Wani malami ya ce, na duka gidajen ne ko na waɗanda suka amsa wannan tambaya kaɗai? Amsar tana cikin memuwar, amma na yi minti guda ina juya shafi, kuma wannan mintin ya dagula mini sauran amsoshina. Tun daga ranar nake cewa a rubuta lambar shafin memuwar gefen kowace tambaya.

Bayan alƙaluma, ka ajiye diyapon manufofi kusa da na sakamako. Manufa uku ka lissafa? Kowace sai ta sami amsarta. Wadda ta rasa, ita ce tambayar shugaban juri. Haka shawarwarin ƙarshe: in ka ce a ƙara famfunan unguwa, wane sakamako naka ne ya nuna haka?

Batunka na Damagaram ne, malaman kuma suna shan ruwan garin, don haka za su tambaye ka watan da ka yi binciken. In a Afrilu ko Mayu ka yi zagayen gidaje, tsakiyar bazara ke nan, kuɗin jarka ba ɗaya ba ne da na damina, ba za ka ce sakamakonka na shekara duka ne ba. Za su so su ji gida a wurinka mene ne, tukunya ɗaya ko duk masu shiga ƙofa ɗaya, kuma wa ya amsa, maigida ko uwargida da ta san jarka nawa ke shiga. Gabatarwa ma ba ta tsira ba. In ka ce garin bisa dutse yake, ruwa daga Gogo-Machaya da Arunguza ake jawo shi, ko ka ambaci mai da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, ka riƙe sunan littafin da ka karanta hakan.

Za ka iya tara tambaya talatin ko fiye. Ka ware goma da suka fi sa gabanka faɗuwa, ka rubuta wa kowace amsar da ba ta wuce minti ɗaya ba, da Faransancin da za ka faɗe ta. Sauran kai su wurin malamin da ya bi aikinka, ya san abin da abokan aikinsa suka saba nema. Sa'an nan ka ba wani ɗan ajinku takardar ya yi maka tambayoyin ba bisa jeri ba, kana tsaye, ordinatar a rufe. Wadda ka kasa amsawa sau biyu, koma ka gyara diyapon tun da sauran kwana. Allah ya ba da sa'a.