Lissafin meshi na jaman fulo: falle 10 ko 12?

Maigida barka da aiki. Shagon nan na Mabera da za mu zuba wa jaman fulo na auna shi, mita 12 da mita 8.8 ne, zanen injiniya ya ce meshi A142 da lafin mili 400, wato hawan falle kan falle. Na raba sukwaya mitan wurin da na falle guda ya ba ni 9 da ɗan wani abu, sai na ce ma Alhaji ya sawo 10. Ya isa ko in ƙara guda?

Yarona, kira Alhaji yanzu kafin mota ta baro kasuwa ka ce 12 ne.

Fallen da anka saba kawowa mita 4.8 ne a tsawo, 2.4 a faɗi, wato sukwaya mita 11.52, kuma na san da shi ka raba sukwaya mita 105.6 na shagon. Rabawar ba ta da kuskure, sai dai ka lissafa kamar tayil za ka jera baki da baki, shi kuwa meshi hawa juna yake yi. Duk inda falle ya haɗu da ɗan'uwanshi sai an ci santimita 40, ta tsawo an ci, ta faɗi an ci, don haka fallen da ke tsakiyar fili abin da yake rufe maka da gaske 4.4 ne da 2.0, sukwaya mita 8.8 ke nan. Kusan kwatan ƙarfen ya tafi a lafin. Raba 105.6 da 8.8 ka gani, 12 zai ba ka.

Amma ni ban yarda da rabawa kaɗai ba, wannan don ka ba mai aiki farashi ne a tsaye. Kafin a sayi kaya sai na zana wurin a bayan takardar siminti na jera fallayen ɗaya bayan ɗaya, don wani lokaci rabawa za ta ce 12 shimfiɗa ta ce 14.

Fara cire santimita 5 ta kowane gefe, don bakin waya bai kamata ya taɓa katako ko bulo ba, kankare ne zai lulluɓe shi in ba haka ba tsatsa ta nan take shiga. Saura 11.9 da 8.7. To yanzu ka kwantar da tsawon falle ta ɓangaren 8.7 ɗin. Na farko ya ba ka 4.8 cif don babu wanda ya hau, na biyu ya ƙara 4.4, an samu 9.2, ya rufe har da rarar rabin mita, kuma rarar nan ba sai ka yanke ba, ka tura shi ciki kawai lafin ya ƙara yawa, yawan lafin ba ya ɓata komai. Ta ɓangaren 11.9 kuma layi na farko 2.4, kowane layi bayanshi mita 2 yake ƙarawa, layi biyar sun kai 10.4, na shida ya kai 12.4. Layi shida, kowanne falle biyu, 12. Da goman nan naka munka tafi da layi biyar za mu yi mu tsaya muna kallon mita ɗaya da rabi na fili tsirara, ga mikisa an yi haya ga leburori an kira.

Juya fallen ka gani abin da zai faru. In ka bi mita 12 da tsawonshi kana buƙatar uku a layi, na ukun a yanke mita 1.7 a ajiye, sannan layi huɗu 8.4 kawai suke kaiwa, saura santimita 30 da za su tilasta ma layi na biyar. Ko dai ka sayi 15, ko ka zauna kana yanka guntaye kana faci da su rabin yini. Wuri guda, kaya guda, juyi kawai. Kuma juyin ya halatta ne don A142 ramukanshi santimita 20 da 20 ne, waya mili 6 ta kowane ɓangare, duk yadda ka aje shi ƙarfinshi ɗaya. In ka ga lambar ta fara da B kada ka juya da ra'ayinka, wannan wayoyinshi na tsawo sun fi yawa, sai yadda zane ya nuna.

Yadda za ka gane 40 ta cika ba sai da tef ba. Dubi bakin falle, wayar ƙarshe tana da ɗan gemu na santimita 10 da ya fito waje. In ka ɗora daidai za ka ga waya biyu na saman sun kwanta kan waya biyu na ƙasan, rami guda cikakke ya shiga cikin rami. In waya guda ce kan guda to 20 kay yi, rabin abin da anka ce. Nan ne yara ke cuta in kaya sunka gaza, su ja fallaye baya su ɗaure gemu da gemu, daga nesa kamar komai lafiya. Bayan wata biyu tsagewa za ta fito miƙe sambal ta bi layin haɗin nan, wanda ya san aiki yana gani ya san abin da anka yi. Balle nan garin da zafin Afrilu ko iskar hunturu ke tsotse ruwan kankare da wuri, kankare na ƙanƙancewa yana ja, meshin ne ke riƙe tsagar kada ta buɗe baki, inda babu lafin kuwa babu mai riƙewa.

Sai kusurwa, wannan shi ne abin da na fi so ka kula. In ka jera duk layukan iri ɗaya, wuri biyar za ka samu inda fallaye huɗu sunka hau kan juna. Kowane falle waya biyu ne a gicciye, mili 12, huɗu sun zama mili 48, kusan inci biyu na ƙarfe zalla. A fulo mai kauri inci huɗu ko biyar ka ɗora wannan kan biskit, guntayen kankaren nan da ke ɗaga meshi daga ƙasa, waya za ta leƙo sama ko ta rage ɗan kankare siriri a kanta, tsakuwa ma ba ta samun hanyar shiga ƙarƙashi. Maganinshi irin na jeren bulo ne. Layi na ɗaya falle biyu cikakku. Layi na biyu ka raba falle guda biyu daidai, 2.4 da 2.4, rabi a farko, cikakke a tsakiya, rabi a ƙarshe. Lissafa: 9.6 ka cire lafin biyu, saura 8.8, muna neman 8.7, ya isa da kyar amma ya isa, kuma har yanzu falle biyu ne a layin, adadi bai canza ba. Ka yanka a tsakiyar rami don kowane rabi ya fito da gemunshi. Fallaye uku ke nan za a raba, na layi na biyu da na huɗu da na shida.

In kaya sun iso kada a sauke sai ka sa tef a kan falle guda, don akwai ƙarami mai 3.6 da 2.0, in shi anka kawo duk lissafin nan ya rushe sai mun sake. Ka duba kaurin waya kuma, A142 na gaske falle guda ya kai kilo 25 da ɗan ɗori, in ka ɗaga shi kamar tabarma to siririyar waya ce anka ba mu.

Leda a ƙasa, biskit a kai, sannan meshi, a ɗaure lafin da bandin waya kowane rami biyu ko uku. Ban son in zo in tarar an shimfiɗa shi kan leda wai za a riƙa ja da ƙugiya lokacin zubi, da an taka komawa ƙasa yake. Kuma duk maganar nan ta fulon da ke zaune kan ƙasa ce, ranar da munka zo zubin dakin na bene rodi ne da lissafin injiniya.

Zana layukan shida a takarda ka turo mani in gani kafin la'asar.